Na kai siminti, an sa min hannu a webil, amma an riƙe min kuɗi

Ɗan_DeiDei:
Assalamu alaikum jama'a. Masu aikin akanta da masu aikin sito na wannan zaure, ku taimaka min da bayani. Kayan gini nake sayarwa a kasuwar Dei-Dei. Wani kamfanin gine-gine da ke aiki wajen Lugbe ya ba ni LPO, wato takardar odar sayen kaya, na siminti buhu 600, kowane buhu naira 9,500, biya bayan kwana 30. Kafin in samu mota farashi ya motsa, na kira jami'in sayayyarsu, ya ce ba damuwa, in sa 9,800. Na kai tirela guda cif, aka sauke, aka sa min hannu a webil, takardar rakiyar kaya. Na rubuta inbois na buhu 600 a kan 9,800, na ɗora kuɗin mota naira 150,000 da VAT, duka ya kama naira 6,482,250. Wa'adi ya wuce tuni, shiru. Da na je ofis, akantarsu ta ce wai takardu uku ba su haɗu ba, na'ura ta toshe biya. Waɗanne takardu? Kayana dai suna hannunsu, har sun zuba dakin da su.

Sadik_Kubwa:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ba wata na'ura. Na goro ake jira. Ka ga akantar a gefe, gobe za ka ji alat.

Maman_Ilham:
Haba Sadik, kar ka jefa bawan Allah cikin abin da zai kashe masa kasuwa da kamfanin. Wannan aikin nake yi kullum a teburina, kuma daga abin da Alhaji ya rubuta kaɗai na ga abu biyu da za su tsayar da biya ko da akantar ƙanwarsa ce.

Alhaji, takardun su ne LPO ɗin da suka ba ka, da takardar karɓar kaya da sito yake rubutawa, wato GRN, da inbois ɗinka. Ba jimillar ƙasa ake dubawa ba, layi-layi ake bi. Farashin da ke kan inbois ana gwada shi da na LPO. Adadin da ke kan inbois kuwa da na GRN ake gwada shi. Kai ka riga ka faɗa da bakinka cewa LPO ya ce 9,500, inbois ya ce 9,800. Ɗaya ke nan. Kuɗin mota kuma babu layinsa a LPO, to ba shi da abin da zai jingina da shi. Biyu ke nan. Saura ka gaya mana buhu nawa aka rubuta a GRN.

Ɗan_DeiDei:
Hajiya, ai na ce an sa min hannu a webil, buhu 600. Ga ta nan a hannuna da hatimi.

Sitokifa_Idu:
Alhaji, wa ya sa hannun? In mai gadin ƙofa ne ko fomanin wurin aiki, abin da hannun nan yake nufi shi ne mota ta shigo da kaya. Webil takardarka ce, kai ka rubuta ta tun a Dei-Dei. GRN tamu ce, bayan an sauke mun ƙirga muke rubuta ta, kuma abin da muka karɓa lafiyayye kaɗai muke sawa. Buhun da ya fashe, da wanda ruwa ya taɓa ya daskare ya zama dutse, gefe muke ware su. Ni in na rubuta 600 alhali 590 ne masu kyau, ranar ƙirgen kaya a albashina za a nemi goman. Ka nemi kwafin GRN ɗin, haƙƙinka ne ka gani.

Ɗan_DeiDei:
Na kira mai siton yanzu ya turo min hotonta. 588 ya rubuta. A ƙasa ya sa da biro cewa 12 sun fashe. Wallahi ba wanda ya gaya min, direba ma bai ce komai ba.

Maman_Ilham:
To sun zama uku. Bari mu yi lissafin tare, ba tare da VAT ba tukuna.

Abin da ka nema: buhu 600 sau 9,800, naira 5,880,000, ga kuɗin mota 150,000, ya zama 6,030,000. Abin da takardunsu suka yarda da shi: buhu 588 da aka karɓa, sau 9,500 da aka amince, naira 5,586,000. Tsakani akwai 444,000. In ka warware ta za ka ga 114,000 ta buhu 12 ce a farashin LPO, 180,000 ta ƙarin naira 300 ce a kan buhu 600, sauran 150,000 ta mota ce.

Abin da nake so ka riƙe shi ne kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana da mai shi, kuma akantar da kake zarya wurinta ba ta mallaki ko ɗaya ba. Adadi na sito ne. Farashi da kuɗin mota na sashen sayayya ne. Ita ba ta da ikon taɓa LPO, ba ta da ikon taɓa GRN, da gangan aka hana ta.

Sadik_Kubwa:
To Anti, ko da haka ne, saboda 444,000 sai a riƙe wa mutum sama da miliyan shida? Su biya shi abin da ba gardama a kai mana, a yi rigimar sauran daga baya. Wannan ai zalunci ne da sunan tsari.

Auwal_Wuse2:
Tambayar Sadik tana da kyau. Idan manhajar lissafi ta SAP suke amfani da ita, haka abin yake tafiya: inbois yana shiga a matsayin bashi guda da kamfani zai biya Alhaji, kuma a kan bashin gaba ɗaya ake ɗora alamar hana biya, harafin `R`. Ko layi ɗaya ne ya saɓa cikin layi ashirin, duk takardar ce take tsayawa. Ranar biyan 'yan kwangila in an gudanar da `F110`, sai ya tsallake ta kawai. Wanda ke da izini yana buɗe `MRBR` ya ga dalilin toshewar, na adadi ne ko na farashi.

Akwai bambanci tsakanin biyun da zai amfane ka, Alhaji. Toshewar adadi tana iya warwarewa ba tare da an roƙi kowa ba: ka kai buhu 12 ɗin, sito ya shigar da su, jimillar da aka karɓa ta cika 600, dalilin ya faɗi, a sake shi. Ta farashi kuwa ba kayan da za ka kai su warware ta. Ko a gyara LPO, ko ka rage kuɗinka.

Malam_Tanko_Zuba:
Ni a ganina matsalar haraji ce. Haka aka yi min bara, lambar TIN ɗina, wato lambar shaidar mai biyan haraji, ba ta fito daidai ba, aka ƙi biya. Alhaji ka duba TIN ɗinka, kuma ka sani ko an biya za a cire maka haraji daga ciki.

Maman_Ilham:
Malam Tanko, naka wani ciwon ne daban, na rajistar ɗan kwangila. Harajin da ake cirewa a lokacin biya ba ya hana takardu haɗuwa, bayan sun haɗu ake zuwa kansa. Inda haraji ya shigo maganar Alhaji shi ne VAT, don kashi 7.5 ɗin a kan jimilla ake ɗora shi. Shi ya sa 452,250 a kan 6,030,000. In 5,586,000 ce ta tabbata, VAT ya dawo 418,950, abin biya ya zama 6,004,950. Shi ya sa ba a gyara inbois da biro a ofis, dole takardar gyara ta fito daga hannun mai kaya.

Injiniya_Nura:
Gaskiyar magana ita ce dole takardun uku su zama iri ɗaya sak. LPO 600, GRN 600, inbois 600. In ɗaya ta kauce ko da buhu guda ne, ba biya. Don haka Alhaji ba shi da mafita sai ya cika 12 ɗin nan.

Auwal_Wuse2:
Injiniya, rabi ka faɗa. Ba dole ba ne GRN ya cika LPO kafin a biya. Da Alhaji ya rubuta inbois na buhu 588 a kan 9,500, da ya wuce sumul, buhu 12 su zauna a LPO a matsayin saura da ba a kawo ba, ko a rufe layin in ba sa buƙata. Haka ake biyan masu kawo kaya kashi-kashi, tirela ɗaya yau, ɗaya wani mako. Abin da ake hanawa shi ne ka nemi kuɗin abin da ya fi wanda aka karɓa, ko farashin da ya fi wanda aka amince.

Kuma ba ko kwabo ba ne. Kowane kamfani yana sa iyakar sassauci, don kar 'yan canjin lissafi su riƙa tsayar da biya. A wurinmu kashi 2 cikin ɗari ne a farashi. Naira 300 a kan 9,500 ta haura kashi 3, don haka ko a wurinmu ne da ta maƙale. A adadi kuwa yawancin wuraren da na yi aiki sifili suke sawa ga kayan da ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya.

Injiniya_Nura:
Na ji, amma a wurin aikinmu ba a biyan rabin oda sai an kammala. Ƙa'idar kamfani ce.

Auwal_Wuse2:
Ƙa'idar kamfaninku ke nan, in an rubuta ta a LPO shi ke nan. Alhaji ya duba bayan tasa takardar ko akwai irin wannan sharaɗi.

Hajiya_Rodi:
Ku bari in kawo nawa, don ni ba farashi ba ne kuma ba ƙarancin kaya ba. An ba ni oda rodi 12mm tan 5. A kasuwa mu da sanda muke ƙirgawa, wajen sanda 94 a tan ɗaya in tsawonsa mita 12 ne, sai na loda sanda 470. Su kuma suna da sikelin mota a bakin ƙofa. Aka auna mota da kaya, aka auna ta ba kaya, ya ba da tan 4.7. Mai sito ya rubuta 4.7, ni na rubuta inbois tan 5. Sandunan sun cika ɗai-ɗai, amma kaurin rodin bai kai yadda aka rubuta a jikinsa ba. Muka yi ta ja-in-ja, a ƙarshe ni na sauko, don LPO da tan aka rubuta shi, ba da sanda ba. Tun daga nan kafin in karɓi oda nake tambaya da me za a auna.

Sitokifa_Idu:
Hajiya, wannan kam kullum ne. Katan da guda ma haka. A rubuta oda da katan, yaron sito ya shigar da guda-guda, sai na'ura ta ga an karɓi 240 alhali oda ta ce 10.

Baba_Odita:
Ina karanta ku tun ɗazu. Sadik, ɗana, zan amsa maka, don ba ƙarya ka yi gaba ɗaya ba. Akwai ofis da ake ɓuya a bayan kalmar "na'ura ta toshe" don a wahalar da mutum. Yadda za ka gane kuwa mai sauƙi ne: ka ce a nuna maka layin da ya saɓa da adadin saɓanin. Mai gaskiya cikin minti biyu zai juyo maka da allon kwamfuta. Wanda ya fara kame-kame, to ka kai magana sama. A maganar Alhaji kuwa saɓanin a fili yake, mu da ba mu ga takardun ba ma mun lissafa shi.

Dalilin da ya sa aka raba aikin gida uku, ku duba ƙarin naira 300 ɗin nan. Ni na yarda Alhaji gaskiya ya faɗa, farashi ya tashi. Amma ku ɗauka wani jami'in sayayya ne marar tsoron Allah. An tara farashin 'yan kasuwa uku, an zaɓi mai 9,500 saboda shi ne mafi sauƙi, manaja ya sa hannu a kan haka. Bayan an sallami sauran biyun, sai ya ce wa nasa ya rubuta 9,800, su raba 180,000. A takarda, wannan da abin da ya faru da Alhaji kamarsu ɗaya. Akanta ba ta da hanyar bambance su. Abin da zai bambance su shi ne a mayar da LPO gaban wanda ya sa hannu tun farko, ya ga sabon farashin, ya sake sa hannu ko ya ƙi.

A ma'aikatun gwamnati ma haka muka yi aiki da takarda kafin zuwan kwamfuta. Baucan biya ba ta wucewa gaban odita sai da LPO da inbois da SRV, wato takardar karɓar kaya ta sito, a manne da ita.

Sadik_Kubwa:
To Baba, in mai sayayya da mai sito suka haɗa baki fa?

Baba_Odita:
Sai takardu su haɗu tsaf, kuɗi ya fita. Wannan gwajin ba ya kama haɗin baki, ba ya kama LPO da aka kumbura farashinsa tun daga tushe, kuma ba ya sanin ko simintin mai kyau ne. Takarda yake gwadawa da takarda. Haɗin baki sai ƙirgen kaya na ba-zata.

Ɗan_DeiDei:
Na gode Baba, na gode Hajiya. To yanzu me zan yi a aikace? Ina da saƙon jami'in a WhatsApp inda ya ce in sa 9,800. Kuɗin mota kuwa da baki muka yi.

Maman_Ilham:
Saƙon hujja ce da za ka nuna wa shugaban sashen sayayya, amma ba ya shiga na'ura. Ka rubuta wasiƙa gajera, ka sa lambar LPO, ka manna hoton saƙon, ka nemi a gyara farashin layin zuwa 9,800, a kuma ƙara layin kuɗin mota. In sun amince, waɗannan biyun sun warware. Sai dai ka sani gyaran LPO bayan an riga an karɓi kaya abu ne da manajoji ba sa so, don odita yana tambaya a kansa, kuma yana iya cin makonni.

In jarinka ya fi maka muhimmanci, hanya mafi sauri ita ce ka ba su kiredit not, takardar da ke cewa ka rage kaza daga inbois mai lamba kaza. Ka rage 444,000 da VAT ɗinta 33,300, jimilla 477,300, abin da ya rage shi ne 6,004,950 da na lissafa a sama. Ka rubuta a jikin wasiƙar rakiya cewa kana nan kana bin ƙarin farashi da kuɗin mota daban, in an gyara LPO za ka kawo musu wani inbois.

Auwal_Wuse2:
Ƙari kaɗan a kan maganar Anti. Kar ka dunƙule ragin a layi guda. Ka raba: buhu 12 a rage su a matsayin adadi, a farashin da ka rubuta su, 12 sau 9,800, wato 117,600. Sai ragin farashi naira 300 a kan buhu 588 da suka rage, 176,400. Sai mota 150,000. In ka haɗa 444,000 ɗin ce dai. Dalili shi ne a SAP ragin adadi da ragin farashi hanyar shigar da su daban ce. In aka shigar da duka a matsayin ragin kuɗi kawai, na'ura za ta ci gaba da ganin an nemi kuɗin buhu 600 an karɓi 588, toshewar adadi tana nan daram, kuma buhu 12 ɗin su yi ta rataye a `GR/IR`, asusun da ke daidaita kayan da aka karɓa da inbois, har ƙarshen wata ya zo a fara neman mai laifi.

Hajiya_Rodi:
Ni dai da soke inbois ɗin na yi, na rubuta sabo. Ya fi sauƙi.

Maman_Ilham:
Ya fi sauƙin rubutu, Hajiya, amma a kula. Wurare da yawa kwana 30 ɗin daga ranar inbois ko ranar da aka karɓe shi suke fara ƙirgawa. Sabon inbois, sabon wa'adi. Alhaji nasa wa'adin ya riga ya cika, in ya bar tsohon ya gyara shi da kiredit not, yana iya shiga biya na gaba. Ya tambayi akantar wanne suke karɓa kafin ya rubuta komai.

Ɗan_DeiDei:
Buhu 12 ɗin nan su ne suke ci min rai. Na tambayi direba, ya rantse lafiya ƙalau suka iso, leburorin wurin ne suka riƙa jefo su daga saman tirela. Kuma fasassun ba a dawo min da su ba. Ina da yaƙinin an kwashe simintin an yi aiki da shi.

Sitokifa_Idu:
In leburorinsu ne suka sauke, kuma sun yi amfani da shi, kana da magana. Ƙa'ida ita ce abin da muka ƙi karɓa mu rubuta a webil a gaban direba, ya sa hannu, ya koma da shi. Ba a ƙin kaya a kuma riƙe su. Ka ce ko su ba ka buhunanka 12, ko mai sito ya rubuta GRN na biyu.

Injiniya_Nura:
Ban yarda ba. Yawancin oda a kan a kawo har sito ne, sauke kaya yana wuyan mai kawowa ko da yaran wurin ya ɗauka. Waye ya biya leburorin, Alhaji?

Ɗan_DeiDei:
Direbana ne ya biya su, daga kuɗin da na ba shi. Amma fomaninsu ne ya kira su.

Injiniya_Nura:
Ka gani ko.

Sitokifa_Idu:
Biyan lebura bai ba su damar cinye fasassun kyauta ba, Injiniya. Ko rabin kuɗi ne a daidaita.

Baba_Odita:
Wannan ba za ta yanku a nan ba, sai an ga abin da LPO ya ce game da wurin miƙa kaya. Shawarata dai, Alhaji, kar ka bar rigimar 114,000 ta riƙe maka miliyan shida. Ka cire su a kiredit not yanzu. In daga baya sito ya rubuta GRN na 12 ɗin, layin LPO yana buɗe, sai ka kawo ƙaramin inbois a kansu. Ka dai roƙi sashen sayayya kar su rufe layin.

Ɗan_DeiDei:
Na kira jami'in sayayyar. Ya ce farashin zai kai wa manaja ranar Litinin, amma kuɗin mota wai shi bai tuna mun yi haka ba. Hajiya Maman Ilham, in na ba da kiredit not yau, manaja kuma ya amince da 9,800 ranar Litinin, ban yi asarar 300 ɗin ba?

Maman_Ilham:
Ba ka yi ba, muddin ka rubuta sharaɗin nan a wasiƙa kuma sun buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Ƙarin zai zo a inbois daban, naira 300 sau 588, da lambar LPO ɗin da aka gyara. Amma in Litinin ɗin gaskiya ce, ka jira ta, sai ka rage buhu 12 da mota kaɗai. Ka tambayi akantar wace rana suke biyan 'yan kwangila a mako, daga nan za ka san ko jiran zai sa ka rasa layi.